Kundin aiki: na'urar musayar zafi ta ruwa da ruwa, gwajin sauya gudun ruwan sanyi

Litinin, 3 ga Maris 2025

Tambayar da ke gabanmu ɗaya ce. Idan aka rage ruwan sanyin da ke shiga na'urar daga kilo 3 a daƙiƙa zuwa kilo 1.5, aka bar ruwan zafi yadda yake, a digiri nawa kowanne zai fito?

Na'urar ganga ce doguwa mai bututu 12 a ciki, na baƙin ƙarfe marar tsatsa. Kowane bututu tsawonsa mita 4.8, faɗin bakinsa milimita 16 a ciki, 18 a waje. Ruwan sanyi yana bin cikin bututun, ruwan zafi yana bin ganga ta bayan bututun, kuma suna tafiya gaba da gaba, wato inda na zafi yake shiga nan na sanyi yake fita. Kowanne sau ɗaya yake ratsa na'urar. Shingayen da ke cikin gangar suna da yawa, don haka muna lissafa ta a matsayin mai gudun gaba da gaba tsantsa.

A gudun da aka ƙera ta dominsa, ruwan zafi kilo 2 a daƙiƙa yana shiga a digiri 80 ya fita a 50. Ruwan sanyi kilo 3 yana shiga a 20 ya fita a 40. Mun ɗauki cp, wato zafin da kilo ɗaya na ruwa ke buƙata don ya hau digiri ɗaya, a 4.18 kJ/kg·K ga duka biyun. Ninka gudu da wannan adadin, sai a sami abin da za mu riƙa kira ƙarfin ɗaukar zafi, C: na ruwan zafi 8.36 kW/K, na ruwan sanyi 12.54 kW/K. Zafin da ke ƙetarawa kilowat 250.8 ne, kuma ɓangarorin biyu sun yarda da juna. Tazarar zafi a kai ɗaya digiri 40 ce, a ɗaya kan 30, matsakaicinsu na logaridim 34.76. Raba 250.8 da wannan ya ba da UA = 7.215 kW/K, wato zafin da ke ƙetarawa a kan kowane digiri ɗaya na tazara. Wannan lambar ce tushen duk abin da zai biyo baya.

Laraba, 5 ga Maris

An fara da amsar da ta fi saurin zuwa baki: ruwa ya ragu da rabi, to hawan zafinsa zai ninka, daga digiri 20 zuwa 40, ya fita a 60. Wannan ba daidai ba ne, kuma dalilin a fili yake. Lissafin ya ɗauka cewa kilowat 250.8 ɗin nan za su ci gaba da ƙetarawa. Amma da zarar ruwan sanyi ya fi ɗumi a cikin bututu, tazarar da ke tsakaninsa da ruwan zafi ta ragu, kuma tazarar ce ke tura zafin. Na'urar ba ta ɗauki alkawarin ba da kilowat kaza ba. Abin da take da shi faɗin ƙarfe ne kawai.

Da hanyar matsakaicin logaridim sai an yi ta cinta ana gyarawa, tunda zafin fita biyun duka ba a san su ba. Hanyar ε-NTU ta kauce wa wannan, domin zafin shiga da gudu da UA kaɗai take buƙata. A nan ε shi ne kason zafin da ya ƙetare cikin mafi yawan da zai iya ƙetarawa, NTU kuwa UA ne a raba da ƙaramin C.

```
Cr  = Cmin / Cmax
NTU = UA / Cmin
E   = exp(-NTU * (1 - Cr))
eps = (1 - E) / (1 - Cr * E)
Q   = eps * Cmin * (Th_in - Tc_in)
```

Wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne wanne ne ƙarami. A kilo 3, ruwan zafi ne mai ƙaramin C. A kilo 1.5, C na ruwan sanyi ya koma 6.27, ya faɗi ƙasa da 8.36, sai su yi musanyar matsayi. Duk takardar lissafin da aka kafe Cmin a layin ruwan zafi za ta ba da amsar banza ba tare da ta nuna wata alama ba.

Zagayen farko mun bar UA a 7.215. Cr ya zama 0.75, NTU 1.151, ε 0.571, zafin da ya ƙetare kilowat 215. Ruwan sanyi ya fita a 54.3, ruwan zafi shi ma a 54.3. Daidaituwar nan dace ne kawai na lambobin da muka zaɓa, sai da aka sake lissafin sau biyu kafin kowa ya yarda ba kuskuren kwafi ba ne.

Juma'a, 7 ga Maris

Amsar 54.3 ta Laraba ta fi 60 kusa da gaskiya, amma har yanzu da sauranta, domin UA ba ya tsayawa wuri ɗaya idan gudu ya sauya. A jikin bangon bututu akwai siririn ruwa da ke tafiya a hankali, kuma ta cikinsa zafi yake ratsawa kafin ya isa tsakiyar ruwan. Ruwa mai sauri yana kankare wannan shimfiɗa ta yi siriri. Ruwa ya rage sauri, ta yi kauri, zafi ya sha wuya.

Saboda haka dole a raba turjiyar gaba ɗaya, 1/UA = 0.1386 K/kW, gida-gida: ta ruwan sanyi, ta bangon ƙarfe, ta ruwan zafi, da ta dattin da ya manne. Wadda za ta motsa ita ce ta ruwan sanyi. A kilo 3, kowane bututu yana ɗaukar kilo 0.25 a daƙiƙa, saurin ruwa mita 1.25 a daƙiƙa, lambar Reynolds, ma'aunin hargitsin ruwa, kusan 25,000 a matsakaicin zafi na digiri 30. Ruwan a hargitse yake sosai, don haka dabarar Dittus da Boelter ta 1930 ta dace:

```
Nu = 0.023 * Re^0.8 * Pr^0.4
```

Ta ba da h, wato sauƙin ratsawar zafi tsakanin bango da ruwa, kusan 5,700 W/m²·K. Faɗin cikin bututun duka murabba'in mita 2.9 ne, sai turjiyar ɓangaren sanyi ta zama 0.060. Bangon ƙarfe ya ci 0.020. Abin da ya rage, kusan 0.059, na ruwan zafi ne da ɗan datti, kuma ba sai mun raba su ba tunda ba mu taɓa gudun ruwan zafi ba. A taƙaice, 0.060 mai motsi, 0.0786 a tsaye.

Rabin gudu yana ninka turjiyar sanyi da 2 mai ƙarfin 0.8, wato 1.741. Ta tashi zuwa 0.1045, jimilla 0.1831, UA ya sauko zuwa 5.46. Ragin kashi 24 cikin ɗari ke nan, ba abin da za a kau da kai ba ne. Yanzu NTU 0.871, ε 0.493, zafi kilowat 185.5. Ruwan sanyi 49.6, ruwan zafi 57.8.

Tsakanin barin UA a tsaye da gyara shi akwai kusan digiri 5 a mafitar ruwan sanyi. Girman wannan bambanci ya dogara ne kacokan ga rabon turjiyar. Da a ce ɓangaren da muka rage wa gudu kashi goma cikin ɗari kawai yake riƙe da shi, kamar inda ruwa ke sanyaya mai mai kauri, da barin UA a tsaye bai yi wata ɓarna ba. A nan yana riƙe da kashi 43.

Litinin, 10 ga Maris

Ƙaramin gyara na yau: kaurin ruwa. Matsakaicin zafin ruwan sanyi ya tashi daga 30 zuwa kusan 35, kaurinsa ya ragu daga 0.797 zuwa kusan 0.72 mPa·s. Ruwa mai ɗumi ya fi tsinkewa, h yana ƙaruwa da kusan kashi 5. Ruwan zafi shi ma ya ɗan ƙara ɗumi a matsakaici, ya samu kashi ɗaya. Bayan zagaye biyu lissafin ya daina motsi: UA 5.63, ε 0.502, kilowat 188.8, ruwan sanyi 50.1, ruwan zafi 57.4. Rabin digiri ne duk wahalar ta sayo, amma ma'aunanmu za su iya ganin rabin digiri, don haka ya zauna a lissafin.

Wannan shi ne hasashen da aka rubuta aka ajiye kafin a taɓa bawul.

An kuma tsoma ma'aunan zafi huɗu, Pt100 masu aji A, a tukunyar ruwa ɗaya ana motsawa, a digiri 20, 50 da 80. Ajin ya yarda da kuskuren kusan 0.2 a digiri 20, da kusan 0.3 a digiri 80. Abin da ya dame mu shi ne saɓaninsu da juna, tunda komai daga bambanci ake lissafa shi. Mafi girman saɓanin 0.2 ne, an shigar da gyaran kowanne a na'urar ɗaukar bayanai. Kuskuren 0.3 a hawan zafin ruwan sanyi yana karkatar da UA da kusan kashi 2.

Alhamis, 13 ga Maris

Gwajin farko bai karɓu ba. An matse bawul har mitar gudu ta nuna 1.50, aka jira minti 20 lambobi suka lafa. Ruwan zafi ya shiga a 79.2 ya fita a 58.1. Ruwan sanyi ya shiga a 21.3 ya fita a 51.4.

Kafin a kwatanta da hasashe, sai a fara auna ɓangarorin biyu da juna. Ruwan zafi ya bayar da 8.36 sau 21.1, kilowat 176.4. Ruwan sanyi, bisa mitar, ya karɓi 6.27 sau 30.1, kilowat 188.7. Giɓin kashi 7 ne, kuma ya karkata inda ba zai yiwu ba. Gangar ta fi ɗakin zafi, don haka in akwai asara, ruwan zafi ne zai bayar da fiye da abin da na sanyi ya karɓa. Ruwan sanyi ba shi da inda zai samo ƙarin kilowat 12. Kuskuren ma'aunin zafi bai kai ya cike wannan ba, sai ya yi digiri biyu cur. Saura gudu.

Idan aka yarda da ɓangaren zafi, gudun sanyi na gaskiya shi ne 176.4 a raba da 4.18 sau 30.1, wato 1.40. An karkatar da mafitar zuwa tanki a kan sikeli: kilo 84 a daƙiƙa 60. Daidai 1.40. Laifin daga wurin da bawul yake ne. Yana gaban mitar da tazarar da ba ta kai faɗin bututu uku ba. A buɗe gaba ɗaya ba ya damun ta, shi ya sa lissafin kilo 3 ya daidaita lafiya. Da aka matse shi, ruwan yana fita ta gefe ɗaya da ƙarfi, mitar tana karanta saurin da ya fi matsakaici.

Bayanan ba su tafi a banza ba. Da aka sa 1.40 da zafin shiga na ranar a lissafi, ya fito da 51.4 da 58.1, daidai abin da aka auna.

Talata, 18 ga Maris

An mayar da bawul ɗin bayan na'urar, a mafitar ruwan sanyi. Mitar ta samu miƙaƙƙen bututu mai tsawon faɗi goma a gabanta. Akwai ƙarin amfani: matsewa a mafita yana riƙe matsi a cikin bututun, iskar da ke fita daga ruwa idan ya yi ɗumi ba ta taruwa ta toshe bututun sama.

Sakamako a 1.50, an tabbatar da sikeli: ruwan zafi 79.8 zuwa 57.4, ruwan sanyi 20.4 zuwa 50.0. Zafin da aka bayar kilowat 187.3, wanda aka karɓa 185.6. Giɓin bai kai kashi ɗaya ba, kuma ya karkata inda ya dace.

Ba a kwatanta digiri da digiri kai tsaye, tunda zafin shiga bai tsaya a 80 da 20 ba. Ana kwatanta ε, domin shi ba ruwansa da ƙaramin motsin zafin shiga. Tazarar shiga ta ranar 59.4 ce, hawan ruwan sanyi 29.6, ε na aune 0.498. Hasashe 0.502. A digiri, hasashen na ranar 50.2 ne ga ruwan sanyi, an samu 50.0. UA na aune 5.56, na hasashe 5.63.

Ga jerin amsoshin mafitar ruwan sanyi tun farko: 60 idan aka kafe zafin da ke ƙetarawa, 54.3 idan aka kafe UA, 49.6 da gyaran gudu, 50.1 da gyaran kauri. Na'urar ta zaɓi na ƙarshe.

Alhamis, 20 ga Maris

An auna a kilo 2.0, inda C biyun suka zama ɗaya. Takardar lissafi ta fitar da kuskuren raba da sifili, domin a Cr = 1 sama da ƙasan dabarar duka sifili ne. An ƙara mata reshe:

```
if abs(1 - Cr) < 1e-6:
    eps = NTU / (1 + NTU)
```

Hasashe: UA 6.29, ε 0.429, ruwan sanyi 45.8, ruwan zafi 54.2. Awo ya faɗi cikin digiri 0.3 na duka biyun. A wannan gudun tazarar zafi ɗaya ce daga kan na'urar har ƙarshenta, digiri 34.2.

Akwai tarko a nan da ya cancanci a tsaya a kansa. A kilo 3, ε 0.50 ne. A kilo 2 ya sauka 0.43. A kilo 1.5 ya koma 0.50. Wanda ya ga lambar farko da ta ƙarshe kaɗai zai ce rage gudu bai taɓa aikin na'urar ba, alhali zafin da ke ƙetarawa ya faɗi daga kilowat 251 zuwa 189. Na'urar ba ta yi wani lanƙwasa a kilo 2 ba. Ma'aunin ne ya sauya hannu: sama da kilo 2 ana auna ε da faɗuwar zafin ruwan zafi, ƙasa da shi da hawan zafin ruwan sanyi. Shi ya sa a zanen da za a ba masu kula da na'urar ba za mu sa ε ba. Za mu sa hawan zafin ruwan sanyi a raba da tazarar shiga, wanda ke tafiya a miƙe: 0.333, 0.429, 0.502. Mai aiki ya ninka shi da tazarar shiga ta ranarsa, ya ƙara a kan zafin shigar ruwan sanyi, ya sami mafita.

Litinin, 24 ga Maris

Yau an bi ta sama, kilo 4.5, iyakar abin da famfon zai iya. Hasashe kilowat 282, ruwan zafi 46.3, ruwan sanyi 35.0, kuma awo ya bi shi. Ƙarin rabin ruwa ya sayo ƙarin zafi kashi 12 kacal, alhali rage rabi ya ci kashi 25. Faɗuwar matsi a bututun ta ninka kusan sau biyu, kamar yadda ake tsammani idan tana bin gudu mai ƙarfin 1.8, ƙarfin da ake kashewa wajen tura ruwan kuma ya haura sau uku.

Dalilin shi ne turjiyar nan 0.0786 da ba ta motsi. Ko da za a tura ruwan sanyi marar iyaka, turjiyarsa ta koma sifili, zafinsa ya tsaya a 20 daga farko har ƙarshe, UA ba zai wuce 12.7 ba, ruwan zafi kuma ba zai sauka ƙasa da digiri 33 ba. Duk mai son ruwan zafi ya fita a 40 ta hanyar ƙara famfo, gara ya duba ƙarin faɗin bututu.

Laraba, 26 ga Maris

A kilo 0.5 lissafin ya fara sakin hanya. Hasashe ya ce ruwan sanyi zai fita a 65.3. Abin da aka auna, bayan an mayar da shi kan shiga ta 80 da 20, shi ne 62.9. Ɓangarorin biyu sun daidaita cikin kashi biyu, sikeli ya tabbatar da gudu, don haka ba awo ba ne.

Lambar Reynolds a nan kusan 5,300 ce. Dabarar Dittus da Boelter an gina ta ne don sama da 10,000. Ƙasa da haka hargitsin ruwan yana raguwa, h yana faɗuwa da sauri fiye da yadda ƙarfin 0.8 yake nunawa. An musanya ta da dabarar Gnielinski, wadda ke aiki tun daga kusan 3,000. Ba mu ɗauki h ɗinta kai tsaye ba, mun ɗauki rabon h na sabon gudu da na kilo 3, muka ɗora a kan 0.060 ɗin da muka riga muka kafa. Rabon ya fito ƙasa da na tsohuwar dabara da kashi 16. Turjiyar sanyi ta koma 0.265, UA 2.92, mafita 62.7. Saura 0.2 tsakaninta da awo. Shi ma ɗan giɓin 18 ga Maris, inda awo ya gaza hasashe kaɗan, ta ɓangaren da wannan dabarar ke nunawa ya karkata.

Lokacin lafawa ma ya ƙaru. Ruwa yana ratsa bututun a daƙiƙa huɗu a kilo 3, a kilo 0.5 sai ya yi 23, kuma ƙarfen da ruwan gangar suna ɗaukar lokaci kafin su kai sabon zafi. An koma jiran sai mafitu biyun sun yi minti biyar ba su motsa da 0.1 ba.

Ba za mu ba da shawarar a zauna a wannan gudun ba. Saurin ruwa mita 0.21 ne a daƙiƙa, bai isa ya share bango ba, kuma kusa da mafita bangon bututun ya haura digiri 70. Ruwa mai yawan ma'adinai a irin wannan zafin yana ajiye farin ɓawo a jikin ƙarfe, ɓawon kuma yana shiga cikin turjiyar da muke kira tsayayya.

Juma'a, 28 ga Maris

An koma kilo 3 don a ga ko makonni huɗun sun bar datti. Bayan an mayar da awo kan shiga ta 80 da 20, ruwan zafi ya fita a 50.1, ruwan sanyi a 39.9. UA bai kauce wa 7.215 da fiye da kashi ɗaya ba, wanda ke cikin kuskuren ma'auni. Duk gwaje-gwajen tsakani suna nan daram.

An rufe teburin gudu daga 1.0 zuwa 4.5 da dabarar Gnielinski a ko'ina, don kada a sami tsalle a tsakiyar zane. An rubuta 1.0 a matsayin ƙaramin gudun aiki, inda lambar Reynolds ke dab da 10,000, saurin ruwa kuma mita 0.42 a daƙiƙa.

Mako mai zuwa za a tsayar da ruwan sanyi a kilo 3, a sauya ruwan zafi daga 1.0 zuwa 3.0. A ganga ba za mu ari 0.8 ba, domin ruwan da ke gitta bututu yakan bi ƙarfin da ke kusa da 0.6, kuma wani sashensa yana zurarewa ta gefen shingaye. Za a ɗauki gudu biyar, a zana 1/UA a kan gudu mai ƙarfi daban-daban har a sami miƙaƙƙen layi. Inda layin ya yanki gefe zai nuna jimillar turjiyar sanyi da bango da datti, kuma a can ne za a ga ko 0.060 ɗin 7 ga Maris ya tsaya ko sai an gyara shi. Kafin nan sai an matsar da bawul ɗin ruwan zafi, shi ma yana gaban mitarsa.